Idan Za Ku Rubuta Wa Babban Kamfani, Ku Nemi Abu Ɗaya

Ƙannena maza da mata masu ƙananan sana'o'i, akwai ranar da kowannenku zai ga cewa kasuwar unguwa ta yi masa kaɗan, ya ɗaga kai ya hango wani kamfani da ya fi shi girma nesa ba kusa ba, ya ce bari ya rubuta musu imel ya nemi su yi aiki tare. Wannan tunani daidai ne. Abin da ke damuna shi ne irin wasiƙar da akasarinku ke aikawa. Takan fara da doguwar gaisuwa, ta bi da tarihin yadda aka kafa sana'ar da wahalar da aka sha, ta yabi kamfanin yabon da shi kansa bai yi wa kansa ba, sannan a can ƙasa ta ce ana neman haɗin gwiwa ta kowace fuska da kamfanin ya ga ta dace. Irin wannan wasiƙa ba ta samun amsa, kuma ba don mutanen kamfanin suna da girman kai ba ne. Ba ta samun amsa ne domin babu wani abu a cikinta da mutum zai iya cewa i ko a'a a kansa.

Zan ɗauki misali ɗaya in bi shi har ƙarshe, domin nasihar da ba ta sauka a kan wata sana'a takamaimai ba ta kama zuciya. A ce ku matasa ne a yankin Kura ko Bunkure ko Garun Malam a jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga ke shayar da gonakin shinkafa. Kun haɗa ƙungiyar gama kai, kuna tattara shanshera daga hannun manoma kuna sayar wa ƙananan masu injin casa. Yanzu kuna so ku riƙa kai wa ɗaya daga cikin manyan kamfanonin sarrafa shinkafa kai tsaye, ba ta hannun dillalai ba. Duk alƙaluman da zan ambata game da wannan ƙungiya na misali ne, ku sa naku na gaskiya a gurbinsu.

Kafin ku taɓa allon rubutu, ku tuna cewa kamfani ba ya karanta wasiƙa. Mutum ɗaya ne zai buɗe ta, mai yiwuwa a wayarsa, yana tsaye a bakin sikelin awon motoci ko yana jiran a fara taro. Wannan mutum ma'aikaci ne mai cin albashi. An ɗora masa adadin tan na shanshera da dole ya samo kafin kaka ta wuce, domin injinan da aka kashe maƙudan kuɗi aka kafa ba sa son zama babu aiki. Yana kuma tsoron abu ɗaya: ya kawo sabon mai kaya, kayan su zo jiƙaƙƙu ko cike da tsakuwa, ko kuma su ƙi zuwa gaba ɗaya, shugabansa ya tambaye shi wa ya kawo waɗannan mutane. To wasiƙarku tana da aiki biyu a gabansa. Ta nuna masa cewa za ku rage masa nauyin abin da aka ɗora masa, ta kuma nuna masa cewa idan ya gwada ku ba zai ji kunya ba. Duk jimlar da ba ta yi ɗaya daga cikin waɗannan biyun ba, ku cire ta, ko da ta yi muku daɗi a kunne.

Daga nan ne maganar buƙata ɗaya ta taso. Na san abin da ke zuciyarku ya fi ɗaya. Kuna son kamfanin ya sayi kayanku, ya ba manomanku iri da taki bashi, ya aro muku injin girbi, ya horar da ku, wataƙila ma ya zuba jari. Kuna ganin tunda an samu dama sau ɗaya, gara a zazzage komai. Amma ku duba yadda babban kamfani yake a ciki. Sayen kaya yana hannun sashe ɗaya. Bashin taki yana hannun masu kula da shirin manoma, kuma sai sashen kuɗi ya sa hannu. Zuba jari kuwa sai ya hau har teburin daraktoci. Idan kun haɗa duka a wasiƙa guda, wanda ya buɗe ta ba shi da ikon amsa ko rabinta. Ba zai ce a'a ba, domin ba huruminsa ba ne, ba kuma zai ce i ba. Zai ajiye ta da niyyar ya tuntuɓi wasu, gobe wasu wasiƙun su binne ta.

Akwai kuma dalili na musamman da ya sa roƙon bashin taki a wasiƙar farko yake kashe magana a harkar shinkafa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015, kowa a wannan harka ya ji labarin manoman da suka karɓi kayan noma bashi, da girbi ya zo suka sayar wa wani daban, bashin ya maƙale. Ku ba ku yi haka ba, amma wanda kuke rubuta wa bai san ku ba tukuna. Da zarar ya ga baƙo yana neman a ba shi kaya kafin ya kawo ko buhu ɗaya, wancan labarin ne zai faɗo masa a rai.

Saboda haka ku zaɓi buƙatar da mutum ɗaya zai iya amincewa da ita ba tare da ya kira taro ba, wadda kuma idan ta lalace asarar kamfanin kaɗan ce. A misalinmu, buƙatar ita ce gwaji: ku kai tirela ɗaya, tan 30, zuwa ƙofar masana'antarsu a mako na biyu na Nuwamba, su auna da sikelinsu, su gwada da na'urarsu, su biya bayan sun karɓa. Ku lura da abin da ke cikin wannan buƙata. Tana da adadi, tana da lokaci, tana da wuri, kuma kasadar tana wuyanku. Ku ne za ku biya kuɗin mota, ku ne za ku koma da kaya idan an ƙi su. Wasu za su ce wannan ai ba haɗin gwiwa ba ne, ciniki ne kawai. Ni kuwa ina ganin babu wata babbar yarjejeniya tsakanin ƙarami da babba da ba ta fara da irin wannan ƙaramin ciniki ba. Maganar taki da iri tana nan tafe, amma sai bayan tirela ta uku ko ta huɗu ta shiga lafiya, lokacin da sunanku ya shiga littafinsu.

Wasu kuma kan ce su ganawa kawai suke nema, a ba su minti ashirin. Wannan ma buƙata ce guda, kuma tana da kyau idan abin da kuke tallatawa ba ya yiwuwa sai an yi bayani baki da baki. Amma inda ake iya gwada kaya, ku nemi gwajin. Lokacin mutumin nan ya fi masa tsada a kan gwajin mota ɗaya, wanda dama aikin yaransa ne na kullum.

Sai hujja. A nan ne na fi so ku tsaya ku natsu, domin a nan ake gane wanda ya san sana'arsa. Hujja ita ce abin da mai karatu zai iya bincikawa ba tare da ya yarda da ku ba. Idan kun ce kayanku masu inganci ne, kun faɗi ra'ayinku kawai, kuma kowane mai kaya haka yake cewa. Idan kun ce danshin shansherarku bai wuce kashi 14 cikin ɗari ba, kuma kuna auna kowane kaso da na'urar awon danshi kafin a ɗinke buhu, kun faɗi abin da zai iya tabbatarwa cikin minti biyu a bakin ƙofarsa.

Bari in nuna muku dalilin da ya sa wannan adadi ya fi masa duk wani yabo. Shansherar da za a adana ko a casa ana so danshinta ya sauka zuwa wajen kashi 14. Idan an kawo masa tan 30 mai danshi kashi 18, to kashi 82 ne kawai na nauyin yake shinkafa tsantsa. Bayan ya busar da ita zuwa kashi 14, abin da zai rage a hannunsa tan 28.6 ne. Kusan tan ɗaya da rabi ruwa ya saya da kuɗin shinkafa, ga kuɗin busarwa, ga haɗarin ta yi zafi a rumbu ta canza launi idan an yi jinkiri. Shi ya sa kamfanoni ke zaftare kuɗi a kan danshi da ƙaiƙayi. Wanda ya rubuto masa yana maganar danshi da adadi, ya gaya masa ke nan cewa ya san inda asarar take, kuma ba za a yi rigima da shi ranar awo ba.

Hujja ta biyu ita ce abin da kuka riga kuka yi. Ku faɗi nawa kuka sayar a kakar da ta wuce da kuma wa kuka sayar wa, idan masu sayen sun yarda a ambace su. Ku nemi izininsu tukuna, kuma ku gaya musu mai yiwuwa a kira su. Takardun awo da rasit na wancan ciniki ku adana su kusa, domin su za a fara tambaya.

Hujja ta uku ita ce ƙarfin da kuke da shi na ci gaba da kawowa, kuma a nan ne matasa suka fi zamewa. Sha'awar a ga girmanku takan sa ku kumbura adadi. Ku sani mutumin da kuke rubuta wa lissafi ne abincinsa. Idan kun ce manomanku suna da hekta 60, kuka kuma ce za ku iya kawo tan 600 a kaka ɗaya, nan take zai raba ya ga kuna nufin tan 10 a kowace hekta, alhali ya san gonar da aka kula da ita sosai takan ba da tan huɗu zuwa shida. Ya kuma san manomi ba ya sayar da duk abin da ya girbe, sai ya ajiye na ci da na iri, ya biya bashin da ke kansa. Daga wannan layi ya daina karanta ku da zuciya ɗaya, har adadin danshin da kuka faɗa da gaskiya sai ya shiga shakka. Ƙaramin adadi na gaskiya ba ya kunyata kowa. Kamfanin da ke neman dubban tan ya san da ƙananan masu kawowa ake cika rumbu.

Hujja uku sun isa, biyu ma sukan isa. Lambar yabon da kuka samu a wani taron matasa, hoton da kuka ɗauka da wani babban jami'i, yawan masu bibiyarku a shafukan sada zumunta, duk waɗannan ba sa busar da shinkafa.

Ga yadda wasiƙar za ta kasance. Akasari da Turanci za ku rubuta ta, amma tsarin ɗaya ne. A layin Subject ku sa abin da kuke nema a taƙaice, kalmomi masu muhimmanci a farko, domin waya takan yanke ƙarshen layin: “Gwajin tan 30 na shanshera daga Kura, Nuwamba”. Sai jikin wasiƙar:

“Ranka ya daɗe, barka da aiki. Sunana wane, sakataren ƙungiyar gama kai ta manoman shinkafa 42 a Kura. Muna neman izinin kawo tirela ɗaya ta gwaji, tan 30 na shanshera irin FARO 44, zuwa masana'antarku a mako na biyu na Nuwamba, a auna da sikelinku, a biya bisa farashinku na ranar bayan an karɓa. Kuɗin mota a wuyanmu yake. A kakar bara mun sayar wa masu injin casa biyu a Kano tan 85, kuma sun yarda a tuntuɓe su. Muna auna danshi kafin ɗinke buhu, ba ma loda abin da ya wuce kashi 14. Manomanmu suna noma hekta 60, muna sa ran iya kawo tan 120 a bana idan gwajin ya gamsar da ku. Za mu iya kawo wannan tirela? Idan ba kai ke kula da wannan ba, don Allah ka nuna mini wanda zan tuntuɓa.”

A ƙasa sai cikakken suna, muƙami, lambar waya da lambar rajistar ƙungiya. Shi ke nan. Ku duba ku gani, buƙatar ta zo a jimla ta uku, ba a ƙarshen shafi ba, sannan ta dawo a matsayin tambaya wadda amsarta kalma ɗaya ce. Ku kuma lura cewa idan ya tura wannan wasiƙa ga shugabansa ko ga mai kula da awo, ba sai ya ƙara bayanin komai ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a babban kamfani da wuya wasiƙa ta tsaya a hannun wanda ya fara buɗe ta, kuma wadda sai an yi mata sharhi kafin a tura takan kwana a akwati.

Na san wani zai ji gaisuwar ta yi gajarta, har ya ga kamar rashin ladabi ne a shiga magana haka da wanda ya girme shi. Tarbiyyarmu ce, kuma tana da kyau a zaure. A imel kuwa ladabi shi ne ku kiyaye wa mutum lokacinsa, ku rubuta sunansa da muƙaminsa daidai, ku bar shi da hanyar ƙi ba tare da jin nauyi ba. Layi ɗaya na gaisuwa ya wadatar. Abin da nake roƙonku da babbar murya ku guje masa shi ne kukan talauci. Kada ku rubuta cewa ku matasa ne marasa aikin yi, a taimaka muku saboda Allah. Wanda ke sayen shanshera ba a ba shi kuɗin kamfani don ya yi sadaka ba, kuma da zarar kun zo a matsayin masu neman taimako, ko dai a tura ku sashen ayyukan jin ƙai, ko a yi shiru. Kuna da kayan da yake nema. Ku yi magana a matsayin masu kaya.

Wa za a aika wa? Adireshin da ya fara da info@ akwati ne na kowa da kowa, kuma abin da yake na kowa ba shi da mai shi. Ku nemo sunan mai kula da sayen shanshera. Direbobin da ke kai kaya sun san shi, masu injin da kuke sayar wa sun san shi, jami'an gona na yankinku sun san shi, wani lokaci ma yana kan LinkedIn. Idan akwai wanda ya san ku ya kuma san shi, ku nemi izininsa ku ambace shi a jimlar farko, wannan ya fi komai saurin buɗe ƙofa. Amma kada ku jingina da sunan da ba a ba ku izini ba, domin kira ɗaya zai tona. Mutum ɗaya za ku sa a layin To. Idan kun jera manajoji shida, kowannensu zai ɗauka ɗan'uwansa zai amsa. Kada kuma ku tsallake shi ku rubuta wa shugaban kamfani kuna ganin ta sama ta fi sauri. Wasiƙar za ta gangaro ta dawo teburin mutumin da kuka tsallake, kuma zai san kun tsallake shi.

Maƙale-maƙalen takardu ku rage su. Gmail yana barin a maƙala har 25 MB, amma wannan ba dalili ba ne na tura hotuna ashirin da bidiyon gona. Manyan kamfanoni suna da matatar da ke tsare saƙon baƙo mai nauyi ko mai mahaɗai da yawa, kuma an gargaɗi ma'aikatansu kada su buɗe abin da ba su san tushensa ba. Idan dole ne, PDF mai shafi ɗaya ya isa. Adireshin da kuke aikowa da shi ya ɗauki sunanku ko na ƙungiya, ba laƙabin da abokai ke kiran ku da shi ba. Takardar rajista, ko ta ƙungiyar gama kai ko ta CAC, da lambar haraji ta TIN, da asusun banki mai sunan ƙungiya, ku tanade su kafin ku aika, domin idan amsa ta zo, abu na farko da za a ce shi ne ku cike takardar rajistar masu kawo kaya, kuma kamfani ba ya son tura kuɗi asusun mutum ɗaya. Idan kuwa wani ya kira ku da sunan kamfanin ya ce ku biya kuɗin rajista a asusunsa na kansa, ku tsaya ku tabbatar daga ofishinsu kafin ku fitar da ko sisi.

Lokaci ma yana da tasiri. Idan girbi a Nuwamba ne, ku rubuta a Satumba, lokacin da yake tsara inda kayansa za su fito. Wasiƙar da ta iso ranar da motoci suka yi layi a ƙofarsa ba za ta samu ido ba.

Bayan kun aika, shiru shi ne abin da ya fi yawa, kuma shiru ba ƙi ba ne. Ku ba shi mako guda, sannan ku sake rubutawa a ƙarƙashin wasiƙar farko da Reply, domin ya ga komai wuri ɗaya. Layi biyu sun isa, kuma ku zo da sabon abu: idan an fara yanka a gonakin farko, ku ce awon danshin jiya ya nuna kaza, ko kuna iya aiko da samfurin kilo biyar a gwada kafin mota ta taso. Idan an sake shiru, ku ƙara sau ɗaya bayan mako biyu, sannan ku bari sai wata kakar ko ku nufi wani kamfanin. Kira da tsakar dare da jerin saƙonni a WhatsApp ba sa kawo amsa, sai dai su sa a toshe lambarku.

Amsar da ta zo ma ku iya karanta ta. Idan ya tambayi farashi, ko irin shinkafar, ko ranar da mota za ta taso, magana ta kama, ku amsa a ranar. Idan ya haɗa ku da wani a layin Cc, kun isa wurin da ya dace, ku yi amfani da Reply all. Idan ya ce a'a ya faɗi dalili, wataƙila ba sa karɓar ƙasa da tirela biyar ko sun cika na bana, ku gode masa, ku tambaye shi wane wata ya dace ku dawo. Wannan a'a ɗin ta ba ku sharaɗin da ba ku sani ba a da. Idan kuwa ya ce i, to ku tambayi abu biyu a rubuce kafin ku loda: nawa ake zaftarewa idan danshi ko ƙaiƙayi ya wuce ƙa'ida, kuma kwana nawa ake ɗauka kafin a biya. Manomanku sun saba da kuɗi hannu, kamfani kuwa yakan ɗauki kwanaki, kuma ƙungiyar da ba ta shirya wa wannan tazara ba takan watse tun a tirelar farko.

Ƙannena, kafin ku danna Send, ku ba wani da bai san sana'arku ba wasiƙar ya karanta sau ɗaya, ku karɓe wayar, ku tambaye shi me kuke nema, nawa, kuma yaushe. Idan ya kasa faɗa a jimla ɗaya, ku koma ku sake rubuta ta. Kuma kada ku rubuta adadin da ba ku auna da hannunku ba, domin a ƙofar masana'anta za a sake auna shi a gabanku.